Gidaje Biyar Tsakanin Haƙori da Haƙori

A jarrabawar ɗaliban likitanci da ta ma'aikatan jinya, da wuya a tashi ba a ba da zirin takardar ECG ba, mai tsawon daƙiƙa 6 ko 10, a ce wa ɗalibi ya faɗi irin bugun zuciyar da ke kai. Cikin amsoshin da za a zaɓa kuwa, akwai sunaye biyu da kusan kullum suke zaune kusa da juna, a rubuce yadda na'ura ke buga su a saman takarda: atrial fibrillation da atrial flutter. A bakin mutanen asibiti, fibirileshan da fulota. Abin da akasarin ɗalibai suka haddace a kansu bai wuce jimla biyu ba. Idan bugu ya rikice, fibirileshan ne. Idan an ga haƙoran zarto, fulota ce. Masu shirya tambaya sun san da wannan hadda sarai, shi ya sa suke nemo fulotar da bugunta ya rikice, da fibirileshan ɗin da ya fito da haƙora, su ajiye a gaban ɗalibi.

Akwai mutanen da wannan tarko ba ya kamawa, kuma ina matuƙar jin daɗin kallonsu suna aiki. Ba wani ido na daban Allah Ya ba su ba. Abin da suka fi sauran mutane da shi shi ne ba sa yarda da kamannin takarda sai sun auna ta, kuma sun san ainihin abin da ya kamata a auna. Ɗalibi yana ɗaukar ziri idonsa kan faɗa kan dogayen tsinayen QRS, domin su ne suka fi fitowa. Gwani kuwa ya san cewa duka cututtukan biyu a ɗakunan sama na zuciya suke, alhali QRS labarin ɗakunan ƙasa yake bayarwa. Don haka yakan dubi tsinayen ya ɗauki abin da za su iya gaya masa, sannan ya gangara zuwa ɗan filin da ke tsakaninsu, inda hukuncin yake.

Kafin awo ya yi ma'ana, sai an san abin da ke faruwa a cikin ƙirjin. A lafiyayyar zuciya, wutar da ke tayar da kowane bugu daga wuri ɗaya take tasowa a ɗakin sama na dama. Tana ratsa ɗakunan sama biyu, ta zana ɗan tudun nan da ake kira P, ta isa ƙullin AV, wanda shi ne mashigi ɗaya tilo zuwa ɗakunan ƙasa. A nan takan ɗan dakata, sannan ta wuce ta zana QRS. A fulota, wutar ta samu hanya mai zagaye a cikin ɗakin sama na dama, tana kewaya bakin bawul ɗin tirikosfid, tana bi ta wani matsattsen wuri da ke tsakanin bawul ɗin da bakin babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙasan jiki. Kowane zagaye yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wato sau 300 ke nan a minti ɗaya. Da yake hanyar ɗaya ce kuma tsawonta ɗaya, kowane zagaye irin zane ɗaya yake bari a takarda, a kan tazara ɗaya. Wannan shi ne asalin haƙoran zarto.

A fibirileshan babu hanya ɗaya. Ƙananan igiyoyin wuta barkatai ne ke yawo a ɗakunan sama, suna karo, suna rabuwa, suna mutuwa, wasu na tasowa, fiye da sau 350 a minti, har zuwa wajen 600. A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na Faransa suka nuna cewa tartsatsin da ke kunna wannan rikici galibi daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu yake fitowa. A duka cututtukan biyu ƙullin AV ba ya iya wucar da duk abin da ke zuwa masa, domin bayan kowace wucewa yana bukatar ɗan hutu. Bambancin shi ne abin da ke isowa gare shi. A fulota tamkar makaɗi ne riƙe da kiɗansa daram, mai rawa na zaɓar ya taka a kowane bugu na biyu ko na huɗu. Ko ya sauya taku, a kan kiɗan ƙafarsa za ta sauka. A fibirileshan ba makaɗi, hayaniya ce kawai, ƙafa na sauka duk inda ta samu.

Ma'aunin yana kan takardar kanta. Takardar ECG tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma za a ga an buga 25 mm/s a gefenta. Ƙaramin gida ɗaya daƙiƙa 0.04 ne, babban gida mai ƙanana biyar kuwa daƙiƙa 0.2. A minti ɗaya ke nan akwai manyan gidaje 300, ƙanana 1500. Duk abin da ke maimaita kansa a kowane babban gida ɗaya, sau 300 yake faruwa a minti, kuma wannan shi ne gudun fulota. Saboda haka a fulotar da aka saba gani, daga tsinin haƙori zuwa tsinin na gaba ƙananan gidaje biyar ne, ko kusa da haka. Littattafai sukan ba da iyaka daga wajen 250 zuwa 350 a minti, wato daga gidaje shida zuwa huɗu da ɗan ɗori. Wanda ya riƙe wannan lamba ta biyar ya riƙe rabin aikin.

Na ga yadda wata babbar ma'aikaciyar jinya ke koyar da wannan a sashen masu ciwon zuciya na wani asibitin koyarwa a Arewa. Wani ɗalibi ya kawo mata ziri daga tsofaffin tambayoyi, lid II, daƙiƙa 6, wato manyan gidaje 30. Ya riga ya yanke hukunci.

"Sista, wannan ai fibirileshan ne. Dubi yadda bugun ya tarwatse."

Ba ta musa masa ba. Ta yago gefen wata farar takarda, ta miƙa masa tare da biro, ta ce, "To, ɗana, auna min tarwatsewar."

Ya shimfiɗa farar takardar a ƙarƙashin tsinayen, ya ƙirga QRS ya samu 11, ya ninka da 10 ya ce gudun zuciya kusan 110 ne a minti. Sannan ta sa shi ya ƙirga ƙananan gidajen da ke tsakanin kowane tsini da na gabansa, ya rubuta su a jere. Abin da ya samu shi ne 10, 10, 20, 10, 15, 20, 10, 10, 20, 10. Ta sa yatsa a kan lambobin ta tambaye shi wace lamba ce ke raba su duka ba tare da saura ba. Ya yi shiru kaɗan, ya ce biyar.

Bugun ya rikice, gaskiya ne, amma rikicin nasa kala uku ne kacal, kuma kowanne ninkin biyar ne. Tazarar 10 tana nufin zagaye biyu a sama kafin ɗaya ya wuce ƙasa, 15 zagaye uku, 20 zagaye huɗu. Ta ce masa ya je inda tazarar ta fi tsawo, wurin gidaje 20, domin a nan ne filin ya fi buɗewa. A can ya ga haƙoran a fili, suna kallon ƙasa, kowanne na gangarowa a hankali sannan ya haura da sauri, ba wani shimfiɗaɗɗen layi a tsakaninsu. Ya ɗiga alama a farar takardarsa daidai tsinin haƙora uku a jere, ya ga gidaje biyar-biyar ne. Sai ta sa shi yin abin da, a ganina, shi ne zuciyar wannan gwaninta: ya riƙa jan farar takardar gaba, yana ɗora alamar farko a inda ta ƙarshe ta tsaya, har ƙarshen zirin. A kowane wuri alamar ta sauka kan haƙori, ko kan QRS inda haƙori ya ɓuya, ko kan wani ɗan lanƙwasa a jikin tudun T wanda da farko bai lura da shi ba. Haƙoran ba su tsaya don QRS ya wuce ba, ratsa shi suka yi suka fito ta ɗaya gefen a kan lokacinsu. Amsar ita ce fulota mai sauya yawan abin da ke wucewa, tsakanin 2:1 da 4:1, gudun sama 300, na ƙasa kusan 110.

Daga nan ta ɗauko wani zirin ta ajiye kusa da na farko. Shi ma QRS 11 ne a daƙiƙa 6, gudu ɗaya ke nan, kuma daga nesa kamar tagwaye suke. Tazarorinsa suka fito 9, 14, 11, 17, 8, 13, 19, 10, 12, 16. Babu lambar da ke raba su, babu biyu da suka yi daidai, kuma ba yadda za a yi mutum ya dubi ɗaya ya yi hasashen ta gaba. Ɗalibin ya je tazarar 19 ya sa alama kan ƙananan tudu biyu da ya gani, ya ja takarda gaba, alama ta uku ta sauka a fili, ta huɗu a gefen wani tudu mai wata siffa daban. Wannan shi ne fibirileshan. Duk aikin, ziri biyun, bai ci minti biyar ba, kuma kayan aikin biro ne da yagaggiyar takarda. Mai kamfas ɗin lissafi mai tsini biyu zai fi sauri, amma a ɗakin jarrabawa gefen takardar tambaya ma ya wadatar.

Akwai wani kuskure da ke cin maki ko bayan an gane fulota, wato faɗin adadin abin da ke wucewa. Ɗalibi yakan ƙirga haƙoran da yake gani tsakanin QRS biyu, ya ga uku, ya rubuta 3:1. Ya manta da wanda QRS ya danne. Gwani ba ya ƙirga haƙora da ido, rabawa yake yi. Tazarar QRS gidaje 20, tazarar haƙora gidaje 5, amsa 4:1. Ko kuma ya raba gudun sama da na ƙasa, 300 a raba da 75, huɗu. Daga nan ne lambobin da aka san fulota da su suka fito: 150 idan ɗaya cikin biyu ke wucewa, 100 idan ɗaya cikin uku, 75 idan ɗaya cikin huɗu. Biyu da huɗu sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Lissafin ninkin biyar yana da iyakarsa, kuma wanda bai san iyakar ba zai iya jefar da amsa daidai. A zirin da aka zana don jarrabawa lambobin kan fito tsaf, 10 da 20. A zirin da aka ɗauko daga jikin majinyaci ba kullum haka suke ba, domin jinkirin da wutar ke yi a ƙullin AV yana sauyawa daga bugu zuwa bugu. Sai a ga gajerar tazara ta zama 11, doguwar ta zama 19. Babu wadda biyar ke rabawa, amma idan aka haɗa su 30 ne, zagaye shida cif, kuma za a ga 11 da 19 ɗin suna ta dawowa. Don haka abin nema a tazarorin QRS shi ne maimaici, wato 'yan lambobi biyu ko uku da ke ta komowa. Tazarorin QRS suna sa mutum ya yi zargi ne kawai. Haƙoran da ke tafiya a kan lokacinsu su ne ke tabbatarwa.

Ɗaya fuskar tarkon ita ce fibirileshan mai manyan igiyoyi, kuma wannan ya fi shafar ɗalibanmu fiye da na Turai. A asibitocin Arewacin Nijeriya da na Nijar har yanzu ana ganin matasa da yawa masu lalacewar bawul ɗin zuciya sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi maganinsa yadda ya kamata ba. Idan bawul ɗin maitiral ya tsuke, ɗakin sama na hagu yakan kumbura, fibirileshan ya biyo baya, kuma igiyoyinsa sukan fito manya, musamman a lid V1. Tambayar kan zo da labarin mace 'yar shekara talatin da wani abu mai haki idan ta yi ɗan aiki, ga ziri mai igiyoyi masu tsayi da za a rantse haƙoran zarto ne. A nan ma farar takarda ce ke raba gardama. A auna daga tsini zuwa tsini, za a samu 3, 4, 3, 5, 3, ba lamba ɗaya ba. Tazarar gidaje uku gudun 500 ke nan a minti, wanda ya wuce na fulota da nisa. Sannan a dubi siffar, wannan tudu mai tsini, na gaba mai faɗi, na ukun ya kusa ɓacewa. Igiyoyin kan yi kamar za su daidaita na tsawon daƙiƙa ɗaya, sai su watse. Haƙoran fulota kuwa ba a iya bambanta na farkon ziri da na ƙarshensa. Girman igiya ba hujja ba ce ko kaɗan, daidaituwarta ce hujja.

Idan gudu ya kai 150, wahalar kan koma wani salo, domin filin da ake dubawa ya ƙuntata. Tsakanin QRS da QRS gidaje 10 ne kawai, kuma QRS da T sun cinye fiye da rabi. A fulota mai 2:1, haƙori ɗaya yana cikin ƙarshen QRS ko farkon T, ɗayan kuma yana zaune kafin QRS na gaba yana kwaikwayon P. Ba zarto, ba komai, sai bugu mai sauri mai tsari. Gwanaye suna da al'ada a nan da nake ganin ya kamata kowane ɗalibi ya ɗauka: duk siririn QRS mai tsari a kan 150, sukan ɗauke shi fulota har sai wani abu ya nuna akasin haka. Sai su bi shi da bincike. Abin da ke kama da P ɗin, a lid II sama yake kallo ko ƙasa? P na lafiyayyen bugu sama yake kallo a lid II, haƙoran fulotar da aka saba gani kuwa ƙasa suke kallo a II da III da aVF, su kalli sama a V1. Idan aka sa alama a kansa aka koma baya gidaje biyar, akwai wani ɗan rami ko lanƙwasa a wurin? Idan akwai, ɗan'uwansa ne da ya ɓuya. Wasu sukan juya takardar kai ƙasa, domin ido ya fi saurin gane haƙora idan sama suke kallo, kuma dabarar tana aiki.

Shi kuma fibirileshan mai sauri a wannan gudun yaudararsa ita ce ya yi kamar mai tsari. Idan tazarori suka gajarta, bambancin da ke tsakaninsu ma yana gajarta, ido ba ya kama shi. Ziri biyu za su iya nuna 150 dukansu, amma na fulota ya ba da 10, 10, 10, 10 ba kuskure, na fibirileshan ya ba da 9, 11, 8, 10, 12. Bambancin ƙaramin gida ɗaya ko biyu, milimita ɗaya ko biyu a takarda, shi ke raba amsoshin. Wanda ya ɗaga takarda ya hango ta daga nesa ba zai gan shi ba. Wanda ya sa alama a tsinaye uku ya ja gaba zai ga alamar ta kauce tun a bugu na huɗu ko na biyar.

Wani lokaci mai tambaya yakan taimaka da ziri na biyu, wanda aka ɗauka bayan an yi wa majinyaci allurar adenosin ta jijiya, ko an murza masa jijiyar wuya. Duka biyun suna toshe ƙullin AV na 'yan daƙiƙu, QRS ya ɗauke, filin ya buɗe, a ga abin da ɗakunan sama ke yi ba tare da komai ya rufe shi ba. Idan fulota ce, haƙora za su jeru biyar-biyar a sarari. Idan fibirileshan ne, layi mai karkarwa za a gani. A duka biyun, da ƙarfin maganin ya wuce bugun zai koma yadda yake, domin matsalar ba a ƙullin take ba. Idan kuwa bugun ya yanke gaba ɗaya ya koma lafiyayye, to da alama tun farko ba ɗaya daga cikin biyun ba ne, wata da'ira ce da ke bi ta cikin ƙullin kansa.

Labarin da aka rubuta a saman ziri ba ado ba ne, kuma gwani yakan karanta shi kafin ya dubi layi. Dattijo mai fibirileshan tun da daɗewa, yana shan digozin, ya zo da tashin zuciya da amai, zirinsa ya nuna QRS mai tsari daram a kan 45. Ɗalibin da ya haddace cewa fibirileshan ba ya tsari zai gudu zuwa fulota, ya fara neman haƙoran da babu su. Abin da ya faru shi ne maganin ya yi yawa a jini har ya toshe ƙullin gaba ɗaya, ɗakunan ƙasa suka koma bin wani wuri na ƙasa da ke fitar da bugu a hankali bisa tsari. Sama tana nan a rikicenta, babu P, babu haƙora masu tazara ɗaya. Amsar ita ce fibirileshan tare da cikakken toshewa, kuma tambaya ta gaba kusan kullum a kan gubar digozin take. Wannan misali ya fi kowanne nuna dalilin da ya sa ba a barin QRS ya yanke hukunci shi kaɗai.

Haka nan karkarwar jiki. Majinyaci mai rawar ɗari saboda zazzaɓi, ko dattijo mai cutar Parkinson, tsokarsa na iya zana igiyoyi a layin da za su yi kama da kowanne daga cikin biyun. Karkarwar Parkinson ma sau 4 zuwa 6 take yi a daƙiƙa, wato dab da gudun fulota. Alamar ita ce QRS na tafiya bisa tsari a gudun da ba shi da wata alaƙa da igiyoyin, kuma idan an ba da lid fiye da ɗaya, za a samu wanda ya fito da tsabta da P ɗinsa a gaban kowane QRS. Fulota ta gaskiya ba ta barin P na lafiya a ko'ina.

Magani ma yana iya sauya lambar biyar ɗin kanta. Magunguna irin su filekenayid da amiyodaron suna rage saurin wutar da ke zagayawa, sai gudun haƙora ya sauko zuwa wajen 200 a minti, tazararsu ta buɗe zuwa gidaje bakwai ko takwas. Har yanzu fulota ce, domin haƙoran iri ɗaya ne a kan tazara ɗaya. Hatsarin da masu tambaya ke son a ambata shi ne, idan sama ta rage gudu haka, ƙullin zai iya fara wucar da kowane zagaye, 1:1, sai ɗakunan ƙasa su tashi daga 150 su kai wajen 200. Shi ya sa ba a ba da filekenayid shi kaɗai ga irin wannan majinyaci, sai an haɗa da maganin da ke rage wa ƙullin sauri.

Idan tambaya ta wuce suna ta shiga magani, akwai inda cututtukan biyu suka haɗu da inda suka rabu. Wajen hana jini daskarewa hukuncinsu ɗaya ne, domin dukansu suna iya sa gudan jini ya taru a ɗakin sama ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma ɗalibin da ya ɗauka fulota ba ta bukatar wannan kariya ya faɗi tambayar. Inda suka rabu shi ne fulota ta fi taurin kai wajen rage gudu da ƙwayoyi, ta fi saurin komawa daidai da wutar lantarki kaɗan, kuma da yake hanyarta ɗaya ce sananniya, idan aka ƙona wancan matsattsen wuri da ke kusa da bawul ɗin tirikosfid ana samun nasara a sama da kashi 90 cikin 100.

Zirin da ya fi kowanne wuya shi ne wanda aka ɗauko daga lid ɗin da ba ya ganin haƙoran. Wutar fulota sama da ƙasa take tafiya a cikin ɗakin dama, shi ya sa II da III da aVF suke nuna ta da kyau. Lid I kuwa daga gefe yake kallon zuciya, dama zuwa hagu, don haka a can layin kan kusa kwantawa, sai ɗan motsi da ba a iya sa masa alama. Fulota mai sauya adadi a lid I ba ta da bambanci a ido da fibirileshan mai ƙananan igiyoyi: babu P, babu zarto, bugu a rikice. A gefen gadon majinyaci maganin abin shi ne a ɗauki cikakken ECG mai lid 12 a duba II da V1. A ɗakin jarrabawa babu wannan dama, sai abin da aka bayar. Gwani yakan fara duba kusurwar zirin ya ga sunan lid ɗin, ya san cewa rashin haƙora a nan ba shaida ba ce, sannan ya koma ga tazarorin QRS ya rubuta su duka a jere. Idan goma suka fito kala goma, ya rubuta fibirileshan. Idan suka taru a lambobi biyu ko uku da ke ta komowa, 10 da 20, ko 11 da 19, ya rubuta fulota, ya ƙara da cewa a tabbatar a lid II.